Sanyin Da Ba Na Firji Ba

Tun tana yarinya aka laƙaba mata Don-me, saboda ba a gaya mata abu ta ce to ta yi shiru. Har ta girma ta zama tela sunan bai sake ta ba, ita ma ba ta saki halin ba. Mijinta, mai gyaran firji da ake kira Injiniya, yakan ce shi bai auri mata ba, jarrabawa ya aura.

Ranar da ta fara zuwa awo cikinta wata huɗu ne. A cikinta na farko ba ta je awo ba sai sau ɗaya, aka duba hawan jini aka ba ta ƙwayoyin ƙarin jini. A wata na takwas yaron ya daina motsi, ta haife shi babu rai. Shekara biyu ke nan tana tambayar dalili, kowa sai ya ce ta yi haƙuri. Haƙurin ta yi, amma tsoro bai bar ta ba, don haka wannan karon ta zo da kunnenta a buɗe.

Ɗakin awon ƙarami ne: gado mai shimfiɗar roba, sikeli, tebur da kwalaye a kai. Unguwarzomar da kowa ke kira Sista babbar mace ce mai tabarau a bakin hanci. Ta ce akwai gwajin jini uku da ake yi wa kowace mai ciki, in ta yarda.

"Don me uku, Sista?"

"Don cututtuka uku ne da uwa kan ba ɗanta ba ta sani ba, ƙanwata. Kawo yatsa."

Ta goge yatsan, ta soka, ta ɗiga jini a kan wasu 'yan robobi uku masu taga, ta bi kowace da ɗigon ruwan gwaji, sannan ta duba agogo. Don-me ta sunkuya tana kallon jan ruwa yana rarrafawa cikin tagogin.

"Wannan ta mene ce?"

"Ƙanjamau. In an samu, uwa ta fara shan magani nan take, jariri ma a ba shi nasa, sai ki ga ya fito lafiya lau."

"Wannan fa?"

"Ciwon hanta. Shi ya fi kama yaro wajen haihuwa, shi ya sa ake yi wa jariri rigakafi kafin ya cika awa ashirin da huɗu. In ƙwayar ta yi wa uwa yawa a jini, ita ma akwai maganin da za ta sha a watannin ƙarshe."

Kafin ta kai ga ta ukun, wata mai naƙuda ta ƙwala kira daga ɗakin gefe, Sista ta fita da sauri. Da ta dawo, Don-me na zaune tana murmushi har kunne. Robobi biyu sun fito da layi ɗaya ɗaya, ta ukun layi biyu raɗau. Ita kuwa layi biyun da ta taɓa gani a duniya na gwajin ciki ne, ranar da ta yi rawa ita kaɗai a banɗaki.

"Sista, ko ɗaya dai na ci," in ji ta.

Sista ta dubi wannan murmushi, ta dubi katin da aka rubuta cewa an taɓa rasa ɗa. Shekara ashirin tana aikin nan, ta ga matan da suka ji sunan cutar suka tashi suka fita ba su sake dawowa ba. Saboda haka ta lallaɓa.

"A nan layi ɗaya ake so, ƙanwata. Biyun nan lafiya lau, za mu sake na ƙanjamau in ciki ya tsufa. Wannan kuwa wani irin sanyi ne a jini. Yana da magani, kuma kin zo da wuri. Allurar fenisilin ta taɓa ba ki matsala?"

Ba ta taɓa ba. Aka ɗebi jini a kwalba don ɗakin gwaji ya tabbatar, amma Sista ta ce ba za a jira ba, yau za a fara. Allura uku ce, mako mako, tunda ba a san tun yaushe abin yake jiki ba. Ta gargaɗe ta cewa in ta ji zazzaɓi ko mara na murɗa mata a yinin nan ta dawo. Allurar kuwa ba ta wasa ba ce, Don-me ta sauko daga gado tana ɗingishi, zafin ya kore mata tambayoyi sun fi goma.

"Ki zo da maigidan, shi ma a duba shi a yi masa. Kuma ku ɗan ba juna wuri har ku gama."

A gida ta ba da labari yadda ta ji shi. Injiniya ya saurara, ya kaɗa kai irin na wanda aka zo fagensa.

"Sanyi? Ai na sha gaya miki, ke da ruwan ƙanƙara kamar kifi. Ni kuwa da nake wuni da kaina cikin firji, in dai sanyi ne ai mun saba da juna. Allurar me za a yi mini ina lafiya?"

Mutumin kirki ne, kuma yaron nan da suka rasa shi ya ɗauke shi a hannu ya kai makwanci. Ya tashi tsaye kan maganar yadda ya fahimce ta. Ya hana ta ruwan firji, ya kashe fanka, ya koma kwana a falo tunda an ce su ba juna wuri, ko da yake ya ɗauka don kada ya shafa mata sanyin jikinsa ne. Washegari ya dawo da safa mai kauri ƙafa uku. Ta wuni tana taka keken ɗinki da safa, gumi na bin bayanta.

Abin dai bai kwanta mata ba. Wane irin sanyi ne ake gani a ɗigon jini? In ruwan ƙanƙara ne, me ya kawo miji ciki? Ta tambayi maƙwabciyarta, ta ce ai kowace mace tana da sanyi. Ta tambayi wata mai kawo ɗinki, ita kuma ta yi wata irin dariya ta sauya magana. Dariyar nan ce ta tsaya mata a rai.

Da mako ya zagayo ta koma ita kaɗai.

"Ina maigidan?" in ji Sista.

"Ya ce shi da sanyi sun saba. Amma yana ƙoƙari, ga ma safar da ya saya mini." Ta ɗaga ƙafa ta nuna. "Sista, don Allah, wai ta ina sanyin ya shiga jinina? Ta baki ko ta ƙafa?"

Sista ta cire tabarau ta ajiye. Dariya ta taso mata, kunya ta danne ta. Ta tashi ta tura ƙofa, ta jawo kujera kusa.

"Laifina ne, ƙanwata. Na rage miki magana, sai ta rage miki fahimtar abin. Sunan cutar tunjere. Ba ruwanta da ƙanƙara. Ta hanyar kwanciyar mace da namiji ake ɗaukarta. Sakamakon ɗakin gwaji ma ya dawo, ya tabbatar."



"Amma ni ban ga komai a jikina ba."

"Haka take. Da farko ɗan gyambo ne marar zafi, wani ma ba ya ganinsa, ya warke da kansa. Sai ta kwanta a jini shekaru. Babba yana yawonsa, amma tana ratsa mahaifa ta sami ɗan da ke ciki."

"Ta yi masa me?"

"Takan kashe shi a ciki, ko a haife shi bakwaini, ko da ciwo. Allurar da nake miki tana isa har wurinsa, shi ma magani take yi masa. Amma in ba a yi wa mijinki ba, zai iya mayar miki da ita, mu koma gidan jiya."

Sai Don-me ta tambayi abin da ya fi damun ta.

"Yarona na farko fa?"

"Ba zan rantse miki ba, tunda ba a gwada ba a lokacin. Amma zai iya yiwuwa."

"Wa ya kawo ta, ni ko shi? Don na taɓa aure kafin shi."

"Robar nan ba ta faɗin wa, ba ta faɗin yaushe. Ni ma ban sani ba."

Aka yi allura ta biyu. Daga asibiti ba ta nufi gida ba, shagonsa ta wuce. Ta same shi durƙushe bayan wani tsohon firji, ƙarfen walda a hannu, ƙofofin firji a jingine da bango. Ta tsaya a kansa, ba ta san ko zai dube ta da auren farinta ba.

"Injiniya, kashe wutar nan. Ba sanyin firji ba ne."

Ta faɗa masa duka, da sunan, da hanyar, da abin da take yi wa jariri. Ba ta rage ko kalma ba. Ya zauna a kan akwatin kayan aiki.

"Wataƙila daga wurina ne," ta ce. "Ka san na..."

"Tsaya." Ya ɗaga mata hannu. "Gyambo marar zafi kika ce? Da ya warke da kansa?"

"Haka ta ce."

"Na yi shi. Kafin in san ki. Na shafa man shafawa ya tafi, na manta da shi sai yau."

Ta zaci in ta ji haka za ta yi fushi, ko ta ji sauƙi. Tausayi ne ya kama ta, da baƙin ciki mai nauyi, don ta ga inda tunaninsa ya nufa tun kafin ya buɗe baki.

"Ashe ni na..."

"Sista ta ce babu wanda ya sani. Ni ma zan iya zama. Wancan ya riga ya tafi, Injiniya. Wannan yana nan, ɗazu ma ya motsa."

Ya miƙe, ya goge hannu da tsumma, ya bar firjin mutane a buɗe ya ja ƙofar shago.

Sista na shirin tashi suka iso. Ta dube shi ta saman tabarau, ba ta ce komai a kan makon da ya ɓata ba. Ta soki yatsansa, ta ɗiga jini a robobi uku, ta ce ko me robar tunjere ta nuna za a yi masa allura yau, tunda mijin mai ita ne. Ta tambaye shi ko fenisilin ta taɓa ba shi matsala, ya ce a'a. Ta fara haɗa maganin.

"Sista, ina da tambaya," in ji shi, idonsa a ƙasa. "Da an yi mata wannan gwajin a wancan cikin, allura nawa za ta ceci yaron?"

Sista ta tsaya da sirinji a hannu. Wannan karon ba ta rage magana ba.

"In ita ce, kuma aka gano da wuri, waɗannan ukun dai. Wani lokaci ma ɗaya."

Injiniya ya dubi 'yar kwalbar da ba ta kai tsawon babban yatsansa ba. Ya hau gadon ya kwanta, ya juya fuskarsa bango. Tun allurar ba ta taɓa shi ba kafaɗunsa suka fara rawa da kuka, Don-me ta matsa ta riƙe masa hannu.