Ludayin Inna Amsa

Tun da zazzaɓin bara ya tafi da hancin Inna Amsa, ko daddawa aka kai mata ba ta jin wari. 'Yarta Nazira ta samu abin faɗa: tsohuwa ta bar harkar madara ta huta. Abin yana ci wa Inna rai, don tun tana amarya take tatsar shanun gidan nan, a wani ƙauye bayan Ɗambatta.

Ranar sunan jikanta, maza sun cika ƙofar gida suna jiran shayi, ruwa yana ta tafasa a babbar tukunya. Nazira ta ɗauko madarar jiya da yamma za ta juye.

"Dakata," in ji Inna. "Wa ya zuba ta a ƙwaryar da nake kwantar da nono?"

Ɗanta Nababa, uban jariri, ya sosa ƙeya. Shi dai ya ga ƙwarya a kife ya ɗauka. Bai san tsamin nono yana maƙalewa a jikinta ba, ga zafin bazara, ga madarar ba a dafa ba.

Nazira ta shinshina. "Lafiyarta lau, Inna. Ƙwaryar ce ke ɗan tsami. Ke da ba kya jin wari, ki bar mu mana."

Maganar ta soki Inna. Ta ɗebi madarar a ludayin ƙarfe ta ɗora kan garwashi. Kafin ta tafasa sai ta tsinke, gudaji gefe, ruwa-ruwa gefe. Ta wanke ludayin ta gwada ta safe, wadda ke cikin kwanon silba. Wannan ta taso da kumfa sumul.

"Ga hancina," ta ce, tana kaɗa ludayin. "Da kin juye waccan, da baƙi sun sha shayi mai gudaji."

Aka yi shayi da ta safe. Nazira, kunya ta ishe ta, ta ɗauki ƙwaryar za ta zubar.

"Ajiye! Tana yauƙi? Launinta ya sauya? Kin ji ɗoyi? Ɗanɗana a bakin harshe ki tofar, akwai ɗaci?"

"Babu, Inna. Ɗan tsami ne kawai."

"Da akwai ko ɗaya, da ni zan zubar da kaina. Wannan ba a sha ɗanya, yara ma kada su taɓa, amma wuta za ta gyara ta."

Ta tafasa ta sosai, ta tace a farin ƙyalle, ta sa gishiri, ta danne da dutse, ta yanka ta soya kamar awara. Kafin azahar faranti ya koma wayam, liman har yana aikowa a tambaya ko da saura.

Da yamma Nazira ta dawo daga tatsa, ta dire kwanon a gaban tsohuwa, ta miƙa mata ludayin da hannu biyu. Daɗi ya kama Inna har ta kasa ɓoye haƙoranta.

"Hura min garwashin tukuna," ta ce.