Bakwai da Goma Sha Biyar

Shekara goma sha tara Malam Mordecai ya yi yana horar da 'yan sakandare don gasar lissafi ta Olimfiyad. Kowace Asabar sukan taru a wani aji na aro a Samaru, kuma duk wanda ya taɓa zama a ajin ya san takardarsa mai shafi shida a kan siffa mai gefe huɗu wadda dukkan kusurwoyinta suke kan da'ira. Da hannunsa ya rubuta ta tun yana da baƙin gashi. An yi ta kwafinta har haruffan suka kumbura, amma bai taɓa sauya ko ɗigo a cikinta ba.

Ka'idoji biyu ne ginshiƙin takardar. Ta farko ta ce in aka kira kusurwoyin A, B, C da D bi da bi, to layuka biyu da suka ratsa cikin siffar, waɗanda ɗalibai ke kira dayagonal, suna da alaƙa da gefunan: AC sau BD daidai yake da AB sau CD a tara da BC sau DA. Ta biyu kuwa tana faɗin yadda tsawon AC yake idan an gwada shi da na BD.

A wannan shekarar mutum uku kawai aka ba shi damar turawa zagaye na gaba a Kaduna, sunayen kuma ranar Litinin za su tafi. Ya yi musu jarrabawa, ran Asabar ya karanta sakamako. Nonso ne na uku. Raihana, 'yar wani tela a Sabon Gari, ta zo ta huɗu, maki huɗu ne tsakaninsu. Tambaya ta ƙarshe mai maki bakwai ce ta kayar da ita: an ba da AB bakwai, BC ashirin da huɗu, CD ashirin, DA goma sha biyar, aka ce a nemo AC da BD. Amsar Malam ita ce AC ashirin, BD ashirin da biyar. Ita kuwa ta rubuta akasin haka.

Ta ɗaga hannu. "Malam, don Allah a sake duba ta ƙarshen. Ina ganin ka'ida ta biyu da ke cikin takardar..."

"Kina ganin me?" ya katse ta. "Raihana, takardar nan ta girme ki. Ranar da na rubuta ta ko auren iyayenki ba a ɗaura ba. Ki zauna."

Aji ya kwashe da dariya. Wani daga baya ya ce, "Farfesa Raihana!" Ta zauna, ta ja hijabinta ta rufe rabin fuska. A lokacin Malam Mordecai ya ji daɗin dariyar, wannan kuma shi ne abin da ya fi cin ransa daga baya.

Ran Lahadi bayan an taso daga coci, ya zauna a barandar gidansa yana jera takardun jarrabawar don ya ajiye. Ta Raihana ta zo hannunsa. A ƙasan shafin ƙarshe, ƙarƙashin jan layin da ya ja mata, akwai ɗan rubutu da fensir wanda bai tsaya ya karanta ba ranar da ya duba: "BD ba zai kai 25 ba, domin 7 da 15 sun ba da 22 ne kawai."

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. A, B da D alwatika ne. Daga B zuwa A bakwai, daga A zuwa D goma sha biyar. Wanda ya zaga ta A zai yi tafiyar ashirin da biyu. Ta yaya miƙaƙƙiyar hanya daga B zuwa D za ta fi zagaye tsawo?

Sai ya bi aikinta layi-layi, abin da ya kamata ya yi tun farko. Ba ta taɓa ka'ida ta biyu ba. Ta lura cewa bakwai sau bakwai da ashirin da huɗu sau ashirin da huɗu sun ba da ɗari shida da ashirin da biyar, haka ma goma sha biyar sau goma sha biyar da ashirin sau ashirin. Tun da kusurwar B da ta D a haɗe digiri ɗari da tamanin ne, ta nuna dole kowace ta zama casa'in. AC ke nan ashirin da biyar. Sannan ta ɗauko ka'ida ta farko: bakwai sau ashirin, a tara da ashirin da huɗu sau goma sha biyar, ɗari biyar. A raba da ashirin da biyar, BD ashirin. Babu inda ta yi tuntuɓe.

Ya buɗe tasa takardar a shafi na huɗu, ya sake fitar da ka'ida ta biyu daga tushe a bayan wata ambulan. Idan aka rubuta AC bisa BD, abin da ya kamata ya hau sama shi ne gefunan da suka haɗu a A da waɗanda suka haɗu a C, wato AB sau DA a tara da BC sau CD. Shi kuwa ya sa su a ƙasa. Ya kifar da ita, shekara goma sha tara ke nan. Misalan da yake bayarwa duk siffofi ne da dayagonal ɗinsu suke tsawo ɗaya, inda kifewar ba ta nuna kanta. Wannan ce tambaya ta farko da ya ƙirƙira da za ta iya tona shi, ta kuma tona shi.

Matarsa Keziya ta fito da abinci ta same shi ya dafe kai.

"Baban Sati, lafiya? Ko hawan jinin ne?"

"Da shi ne da sauƙi. Na zalunci 'yar mutane."

Ya ba ta labari a taƙaice. Ta ajiye kwanon ta ce, "To wa ya sani ban da kai?"

"Ita."

"Ai ka ga an sani ke nan. Ci abincinka ka tashi."

Bai ci ba. A keke-napep daga Samaru zuwa Sabon Gari zuciyarsa ta yi ta kawo masa mafita iri-iri. Yana iya gyara takardar a asirce kafin baɗi. Yarinyar tana da sauran shekara ɗaya a makaranta. Nonso kuma ba shi da laifi, abin da aka koya masa ya rubuta. Kowace hujja in ya juya ta sai ya ga kansa take karewa. Ya tuna ɗaliban da suka wuce ta hannunsa, wasunsu malamai ne yanzu, ya rasa ko nawa ne suka kai kifaffiyar ka'idar cikin nasu azuzuwan.

Shagon Malam Shehu tela, mahaifin Raihana, yana wani lungu a bayan kasuwa. Yana ganin baƙon ya miƙe daga kan keken ɗinki, ya share benci da hannun riga.

"Malam da kanka? Ai da ka aiko mun zo. Wallahi na yi mata faɗa. Na ce mata wanda ya koya miki karatu ba a ja da shi a gaban jama'a. Gobe da ma nake shirin kawo ta ta ba ka haƙuri."

Malam Mordecai ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Da zagi aka tarye shi da ya fi masa sauƙi.

"Malam Shehu, a kira mini ita. Ka kuma ara mini tef da alli."

Raihana ta fito daga cikin gida, ta durƙusa ta gaishe shi, idonta a ƙasa. Ya shimfiɗa tef a kan teburin yanka, ya ja layi mai inci ashirin da biyar. Ya yanko zare biyu, ɗaya inci bakwai, ɗaya goma sha biyar.

"Kai ne mai awo," ya ce wa telan. "Kafa wannan a wannan baki, wancan a wancan, ka haɗa mini kawunansu."

Malam Shehu ya miƙe zaren, ya ja, ya sake ja. Ya yi dariya. "Malam, ai saura inci uku. Ko ɗan koyo ya san wannan ba za ta haɗu ba."

"To abin da na ce ta haɗu ke nan, na kuma sa aka yi wa 'yarka dariya don ta ce ba ta haɗu ba."

Dariyar telan ta tsaya. Ya dubi 'yarsa, ya dubi malamin, ya shiga naɗe tef ɗin a hankali don ya sami abin yi da hannunsa.

"Raihana," in ji Malam Mordecai, "amsarki ce daidai, takardata ce ba daidai ba. Makinki bakwai ne cif. Ki yafe mini."

"Ba komai, Malam," ta ce. "Nonso fa?"

Ita ce tambayar da yake gudu tun daga Samaru. Na ɗaya da na biyu sun yi nisa, ko an cire musu makin suna nan. Nonso ne zai sauka.

Gidan su Nonso bai fi tafiyar minti goma daga shagon ba, amma Malam Mordecai ya daɗe bai isa ba. Ya same shi a ƙofar gida yana wanke takalmin makaranta. Ya faɗa masa komai a tsaye, bai rage ba. Nonso ya saurara, ruwan sabulu yana ɗiga daga hannunsa.

"Amma Malam, abin da ke shafi na huɗu na rubuta. Na haddace shi kamar yadda ka ce."

"Na sani."

"Mama ta riga ta gaya wa mutanen cocinmu."

"Zan shiga in yi mata bayani da bakina."

Ya shiga, ya yi. Matar ta saurare shi har ƙarshe, ba ta ba shi wurin zama ba, shi ma bai ga ya cancanta ba.

Ran Litinin da safe ya aika sunaye uku, na Raihana a cikinsu. Da Asabar ta zagayo ya riga kowa zuwa ajin. Ya zana da'ira a allo, ya sa mata A, B, C da D, ya rubuta bakwai, ashirin da huɗu, ashirin, goma sha biyar. Ɗalibai suka shigo suka zauna. Ya ƙirga su, kujerar Nonso ce kaɗai babu kowa.

"Kowa ya buɗe shafi na huɗu," ya ce. "Ku ja layi a kan ka'ida ta biyu. Kuskurena ne, ya kuma girmi yawancinku. Makon jiya an gaya mini a nan, na sa kuka yi dariya."

Ya miƙa wa Raihana allin, ya koma bayan aji, ya zauna a kujerar da babu kowa, ya buɗe littafinsa don ya rubuta abin da za ta faɗa.