Farashin Dala na Ranar Sha Huɗu

Sènami Ahouansou ce ke duba takardun kwastan a wani ƙaramin kamfanin fitar da kaya daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Sai ta sa hannu ake miƙa takarda. Ranar Laraba da safe tana jera kwafin na jiya, idonta ya faɗa kan ta kwantenar injinan niƙa.

Kayan na dala dubu arba'in da takwas ne. A saman takardar an rubuta: dala ɗaya sefa 612, farashin ranar sha huɗu ga Mayu, ranar da aka yi rajistar kayan. Ta buga lissafi, ya ba ta 29,376,000. Takardar kuwa 28,080,000 ta ce. Ta sake bugawa. Ga sa hannunta a ƙasa.

Ta kira Codjo, abokin aikinta wanda ya cike takardar, wanda take ce wa Fofo, wato yaya.

"Fofo, da wane farashi ka juya wannan?"

Ya ajiye kokonsa, ya ɗauko rasit ɗin mai sayarwa. "585 mana."

"Na watan Maris ne wannan, ranar da aka sayi kayan! Kwastan da ranar rajista suke aiki."

"Ai na'urarsu kan juya da kanta."

"In ka shigar da dala. Kai sefa ka shigar."

Codjo ya zauna a hankali. Jiya sauran takardun duk na yuro ne, shi kuwa farashinsa a sefa ba ya canjawa, shi ya sa ita ma ta sa hannu ba ta duba farashin ba. An rage wa kayan daraja da fiye da miliyan ɗaya. In jami'in kwastan ya riga su gani, ba zai kira shi kuskure ba. Bara an rufe wani kamfani a layinsu kan irin wannan.

"Madam ta sani?" in ji shi, yana nufin mai kamfanin.

"Ina zan samu bakin faɗa mata?"

Ta rubuta takardar neman gyara, ta tare ɗan acaɓa. A tashar ta jira kusan awa guda kafin ta isa gaban jami'in, wani dattijo mai tabarau.

"Ranka ya daɗe, kuskure muka yi. Ni na gano shi."

Ya karanta, ya jawo tarin takardun gabansa yana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya. Sènami ta riƙe gefen tebur. Tasu ce ta uku.

"Ban buɗe ta ba tukuna," ya ce. "Da kin tsaya cin abincin rana, da wata maganar muke yi." Ya buga lissafin da kansa, ya sa hatimi. "Ku biya cikon haraji yau."

Da ta fito, ta zauna a bencin wata mai soya ayaba, ta ciro waya, ta kira Madam.