Alalar Ubale

A shekarar da Turawa suke ɗibar majiya ƙarfi su yi musu dako a yaƙinsu da Jamus, akwai wata mata a wani ƙauye gabas da Gagarawa, sunanta Safara'u. Mijinta ya daɗe da rasuwa, sana'arta alala. In dai kana da hanci, ba sai an nuna maka gidanta ba. Matan ƙauyen har gori suke yi wa juna da ita, in tuwon wata ya yi gudaji sai a ce, "Je ki wanke wa Safara'u tukunya ko kya samu tubarraki."

'Ya'yanta biyar, huɗu mata duk suna ɗakin mazajensu, sai namiji ɗaya, Ubale, kuma shi ne ɗan fari. To, kun dai san yadda uwa take da ɗan fari. Shekararsa ashirin da shida, bakinta bai taɓa kama sunansa ba. In ya shigo gaishe ta, sai ta juya wa bango fuska ta amsa can ƙasan maƙoshi. In dole ta yi zancensa sai ta ce "wancan". Ranar da aka ɗaura masa aure ma daji ta tafi itace. Baƙo zai rantse ba ta ƙaunarsa, alhali kuwa wallahi ba ta da abin so a duniya kamarsa. Hanyar maganarta da shi ɗaya ce tal: duk ranar da ta ɗora tukunya, ƙunshi uku mafi kyau sai ta ware, ta sa a ƙwarya ta ajiye a zaure ba tare da ta ce na wane ne ba. Da yamma ƙwaryar ta dawo wankakkiya.

Ran nan da hantsi sai ga Sabuwa, ƙanwar marigayi mijinta, ta faɗo gidan ko sallama babu.

"Yaya Safara'u, kina nan zaune? An ƙirga da Ubale! Mutum tara aka yanka wa garin nan, yana ciki. Suna ƙofar mai gari, da an yi azahar za a kora su Kano, daga can wai jirgin ƙasa, daga nan kuma sai teku."

Safara'u tana tsintar wake a faifai. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Allah ya tsare."

"Allah ya tsare kawai? Haba Yaya! Matarsa tana can tana birgima. Na bara da aka ɗiba a Sule Tankarkar, wa ya ji ɗuriyarsu?"

"Miƙo mini taɓarya."

Sabuwa ta dube ta, ta dubi waken, sai ta gane. Ta miƙa mata.

Alala ba abincin gaggawa ba ce, kuma ba guzuri ba ce, don ko kwana ɗaya ba ta yi a zafi sai ta yi yami. Safara'u ta fi kowa sani. Ba guzuri take nufi ba. So take ya ci abin hannunta ya ƙoshi kafin ya sa ƙafa a hanyar da ba ta san ƙarshenta ba. Ta yayyafa wa waken ruwa ta surfa a turmi, ta wanke har ɓawon ya gama tasowa ta tsiyaye, ta bar shi ya ɗan jiƙa. Ta aiki Sabuwa bayan gari ta yago ganyen kargo masu faɗi. Ta durƙusa gaban dutsen niƙa, ta markaɗa da albasa da barkono har ƙullun ya yi sumul. Ta sa gishiri da ɗan ruwan kanwa, ta juye ragowar man gyaɗanta kaf, ta buga da hannu har ya yi sauƙi. Suka haɗa ganye bibbiyu, suka ƙunsa, suka ɗaure da zaren kaba. Ƙunshi goma sha biyu.

Yanzu ga inda gwanintar take. Ana kakkarya karan dawa a gicciya shi a gindin tukunya ya zama gado. Ruwa ya tsaya a ƙarƙashin karan, kada ya taɓa ƙunshi, don tururi ne yake dafa alala, ba ruwa ba. In ruwan ya yi kaɗan, tukunya ta ƙafe ta ƙone. In ya haura kara, yana tafasa zai kutsa cikin ganye ya mayar da ƙullu kunu. Shi ya sa mai alala ba ta barin gindin murhu. Tana ajiye ƙaramar tukunya a gefen wuta, in ta ji tafasar ta fara sauya murya, sai ta zurara ruwan zafi ta jikin tukunyar, ludayi ɗaya, ba ƙari. Lokaci kuwa, Safara'u da inuwar rumbunta take aunawa. Daga tashin tururi sai inuwar ta ja da taki biyu, sannan ta soka tsinke.

Ta jera ƙunshin, ta lulluɓe da ragowar ganye, ta kifa kasko. Tururi ya tashi. Sabuwa ta koma ƙofar mai gari, gida ya yi tsit, sai kukan mata da iska take kawowa jefi-jefi.

Nan fa zuciya ta fara cin ta. Ta tuna ba ta san fuskarsa sosai ba. Ƙeyarsa ta sani, da tafiyarsa, da tarinsa in ya iso zaure. Shekara ashirin da shida tana kau da kai, yau ga shi za a tafi da fuskar. Shiga cikin matan da ke kuka kam ba za ta iya ba, garin zai ɗauka. Amma akwai wata ɓula a dangar gidan Bappa, yayan mijinta, da take kallon ƙofar mai gari sak.

Ta dubi inuwa, ko rabin taki ba ta ja ba. Ta ce a ranta, leƙawa ɗaya in dawo. To in tukunya ta ƙafe fa? Ruwan zafin gefe bai fi ludayi biyu ba. Sai ta yi abin da ta sha zagin 'ya'yanta mata a kansa. Ta ɗebo ruwan randa mai sanyi, ƙoƙo guda cike, ta ɗaga kasko ta kwarara. Tafasar ta mutu nan take. Ta tura itace uku a murhu don wuta ta rama, ta ja mayafi ta fita. Kai, son zuciya! Gwanar da ake kwatance da ita.

Ta ɓular dangar ta gan shi. Yana zaune a ƙasa cikin sahu, gwiwoyi a tsaye, wani dogari yana zagaya su da sanda. Ashe yana da ɗan tabo a gira. Ashe in ya yi shiru leɓensa na ƙasa yana turowa irin na ubansa. Ta tsaya tana kallo, hawaye yana bin wuyanta, babu mai ganinta balle ta ji kunya. Leƙawa ɗaya ta zama tsayuwa. Sai da ta ga dogarin ya ɗaga kai yana duban rana, sannan ta tuna da tukunya, ta kwasa a guje.

Tun daga ƙofar gida ta ji sautin da ba ta so, tukunya tana ɓulɓula kamar ta wanki. Ta ɗaga kasko. Ruwan ya haura kara, ya yi fari fat da ƙullu. Ƙunshin ƙasa duk sun sha ruwa, wasu sun kwance, wake yana yawo tsaki-tsaki. Na sama guda huɗu ne suka tsira. Ta soka tsinke a ɗaya, ya fito da ɗanyen ƙullu, don lokacin da ruwan sanyi ya ci kafin ya sake tafasa, babu tururin da ya taɓa su.

"Innalillahi," ta ce. "Safara'u, kin kashe kanki."

Ta kwashe huɗun da hannu, zafi ko a jikinta. Ta zubar da ruwan da ya ɓaci, ta sake gicciya sabon kara, ta juye ɗan ruwan zafin gefe, ta mayar da ƙunshin ta rufe, ta sake cika ƙaramar tukunyar. Tururi bai daɗe da tashi ba sai ga Sabuwa tana haki.

"Yaya, an tashe su! Dogarin ya ce ba zai jira azahar ba, dare zai yi musu a hanya. Kawo abin da ya samu."

"Bai nuna ba."

"Kawo haka nan mana! Ai ciki ne."

"Ɗanyen wake zan ba mai tafiyar kwana uku a ƙasa? Cikinsa ya ɓaci a hanya, su yi ta dukansa yana tsugunawa? Ba da hannuna ba."

"To ƙara wuta!"

"Wuta ruwa za ta ƙafar, ba za ta dafa tsakiya ba. Je ki roƙe shi ya ɗan dakata."

Sabuwa ta fita tana sharar ido. Safara'u ta tsuguna, ido a kan inuwar rumbu, kunne a kan tukunya. Ta ji hayaniya ta ƙaru, ta ji guɗar baƙin ciki ta wata tsohuwa, ta ji hayaniyar tana nisa. Ba ta motsa ba. Sau biyu tana zurara ruwan zafi, ludayi ɗaya ɗaya. Da ta soka tsinke karo na uku ya fito tas, ta kwashe a ƙwarya, ta rufe da faifai, ta fita ko mayafi babu.

Ƙofar mai gari wayam. Sai sawun ƙafafu, da Bappa shi kaɗai a gindin tsamiya yana jan carbi. Ita da ba ta taɓa tsayawa gabansa kai a buɗe ba, yau ta tsaya.

"Yaya, sun yi nisa?"

"Sun wuce rijiyar Fulani tun ɗazu. Dogarin a kan doki yake, sauri yake sa su." Ya dubi ƙwaryar, ya kau da kai. Da ma ya yi shiru, amma tsufa ba ya riƙe magana. "Matarsa ta kawo masa fura, ya ƙi. Na kawo masa curin dawo da ƙuli-ƙuli, na ce ko loma ɗaya ka sa a cikinka. Ya ce a'a Bappa, Goggo Sabuwa ta ce Inna ta ɗora tukunya, kada in cika ciki. Har aka tashe su yana waiwayen lungun gidanki."

"Bai ci komai ba?"

"Ko ruwa sai da na matsa masa."

Safara'u ta ɗora ƙwaryar a ka. Bappa ya ce, "Ina za ki? Ba za ki cim musu ba, Safara'u. Ki dawo." Ta kama hanya. Ta bi sawun, rairayi yana ƙona mata tafin ƙafa, zafin ƙwaryar yana ratsa mata tsakar kai. Ta wuce rijiyar Fulani, ta wuce gonakin ƙarshe. Wajen la'asar ta ɗaga hannu ta taɓa gindin ƙwaryar, ta ji ta huce. Gabanta babu kowa sai hanya, ta ci gaba da tafiya.