Ta Bakwai a Layin Masu Shayi

Mata goma sha biyar ne ke sayar da shayi a gindin katangar warshoshin gyaran mota a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu ta Khartum. Duk Hausawa ne, yawancinsu iyayensu sun yi aikin auduga a Jazira. Wata ƙaramar ƙungiyar mata ce ta turo Sittana ta yi hira da su, domin a nema musu rumfa da famfon ruwa wurin masu warsha. Sittana 'yar Alsawra ce a Omdurman, ta gama jami'a, tana da Hausa da Larabci, kuma akwai ta da ɗokin aiki har ya yi yawa.

Ta zo da rikoda da kasa-kasai. Da yake yarinya ce mai tarbiyya, ba ta faɗa kan wadda ta fara gani ba. A layin nan komai da girma ake yin sa, daga gaisuwa har rabon naman suna. Sai ta fara da Inna Nagoggo, wadda ta girmi kowa, ta bi su ɗaya bayan ɗaya har zuwa 'yar autarsu. Kowa ya gani, kowa ya yaba. Mutum ɗaya kawai ta tsallake, Hadizatu, ta uku a girma, wadda ta tafi Jazira gaisuwar mutuwa a makon nan.

Kowace mace Sittana ta yi mata alkawari iri ɗaya kafin ta danna rikoda: ba za a rubuta sunanta ba, kuma ba wanda zai ji daga bakinta wa ta faɗi me.

A gida ta saurari kasa-kasan ta rubuce su kalma bayan kalma, ta ba kowace hira lamba bisa yadda ta yi su, daga ɗaya zuwa goma sha huɗu. Ta karanta su har sau biyu, sannan ta ɗauki birai masu kala. Duk inda aka yi maganar ruwa ta ja shuɗi, hayaƙin gawayi da ciwon ƙirji ta ja kore, zafin rana ta ja ja. Da ta tattara masu kala ɗaya wuri ɗaya, jigogi huɗu suka fito. A ƙarƙashin kowanne ta rubuta 'yan layuka a kan abin da matan suka ce, da mutum nawa suka faɗa, sannan ta zaɓo gajerun maganganu biyu ko uku daga bakinsu don su tsaya shaida. Ta mayar da su Larabci ba tare da ta yi musu kwalliya ba, inda ta yanke magana ta sa ɗigo uku, a ƙarshen kowace ta sa lambar mai maganar.

Jigo na huɗu shi ne wanda ba ta je nema ba. Ta sa masa suna "Tsoron mai rabon wuri". Mata biyar sun taɓo shi. Huɗu sun yi ta kewaye-kewaye, babu jimla ɗaya da za a iya cirowa ta tsaya da ƙafarta. Fatna ce kaɗai, mai lamba bakwai, ta faɗa kai tsaye, muryarta ƙasa-ƙasa har sai da Sittana ta manna kunne a rikoda: "Idan ransa ya ɓaci, da ƙafa yake ture kanun ɗin gawayi, ko da ruwa na tafasa a kai... Ni na gani da idona."

Ba sai an ambaci suna ba, mai rabon wuri ɗaya ne a layin, Dogo. Masu warsha sun sakar masa gindin katangar, shi ke cewa wance ta zauna, wance ta tashi. Akwai wata da ta taɓa kai ƙararsa, har yau tana gida da tabon ƙuna daga gwiwa zuwa idon sawu. Sittana ta san wannan, ta kuma ji tsoro lokacin da take buga maganar. Amma ta duba, babu suna, babu shekaru, babu unguwa, sai lamba. Ta ce wa ranta ta rufe ƙofa. Shugabar ƙungiya ta karanta ta ce madalla, aka buga kwafi, aka raba wa masu warsha ranar Lahadi.

Ranar Talata da hantsi Sittana ta sauka daga hafla, motar haya, a kasuwar Suk al-Arabi, ta ƙarasa Mantiƙa don ta karanta wa matan abin da aka rubuta. Tun daga nesa ta ji layin ya yi tsit. Babu ƙarar cokali a kofi, babu zolayar da makanikai ke yi wa masu shayi. Dogo na zaune a kan bambar, 'yar kujerar masu shayi, a tsakiyar layin, da takardunta naɗe a hannu.

"Ustaza," in ji shi, "itfaddali, zo ki zauna. Malam Idirisu mai warsha ya ba ni aikinki. Kwayis, wallahi. Hannunki ya iya."

Ta gaishe shi a tsaye. Ta ƙi zama.

Ya buɗe shafin farko. "Ga lamba ɗaya tana cewa shekara talatin tana ɗebo ruwa da kanta. Wa ta yi shekara talatin a nan in ba Inna Nagoggo ba? Ga lamba biyu tana kukan gwiwa. Indo ke nan, ita ke bin Inna." Ya ɗago ya yi murmushi. "Kin bi girma, ya Ustaza. Gidanku sun yi tarbiyya."

Sai a lokacin Sittana ta ga abin da ta yi. Ta cire sunaye, ta bar jeri. Duk layin ya kalle ta tana bin mata daga babba zuwa ƙarama, kuma ba yaron da bai san jerin nan ba. Ya kamata ta cakuɗa lambobin kafin a buga.

"Lambobin a hargitse suke," ta ce. "Ba jeri ba ne."

"Halas, na yarda, ɗaya da biyu tsautsayi ne suka dace." Ya miƙe, ya fara lissafi da yatsa, yana nuna mata ɗaya bayan ɗaya. "Inna Nagoggo. Indo. Hadizatu."

Hadizatu ta dawo daga Jazira, tana zaune a bayan kanun ɗinta. Dogo ya manta ba ta nan a makon hira, ya sa ta cikin lissafi. Sittana ta bi yatsansa da ido. Huɗu, biyar, shida. Yatsan ya tsaya a kan Awadiyya, wadda ita ce ta bakwai a girma, amma ta shida a hira. Fatna, mai maganar, ita ke bin ta, tana zaune dab da ita, ta sunkuyar da kai tana goge kofin da ya riga ya bushe.

"Ni?" Awadiyya ta dafe ƙirji. "Me na yi?"

Ya karanta mata maganar da Larabci, a hankali, kamar mai karanta wasiƙar gaisuwa.

"Wallahi al-azim ban faɗa ba! Ni hayaƙi na yi magana, da tarin da ke hana ni barci. Sittana, 'yata, ke kika ji. Gaya masa!"

Gaskiya take faɗa. Maganarta na nan a ƙarƙashin jigon hayaƙi, da lamba shida a gefe. Sittana na iya buɗe shafin ta nuna da yatsa, Awadiyya ta fita. Amma da zarar ta ce Awadiyya ce ta shida, ko jariri ya san wace ce ta bakwai. Awadiyya bazawara ce mai 'ya'ya huɗu, kuma laifinta bai wuce tari ba. Fatna kuwa mijinta na kwance tun da injin ya cinye masa hannu, kanun nan ne ke ci da gidan.

"To, Ustaza?" Dogo ya matso har ta ji warin taba a rigarsa. "Ita ce ko ba ita ba ce?"

"Ba na faɗin wadda ta yi magana. Na yi alkawari. Ko ita, ko ba ita ba, ba zan ce komai ba."

"Ai kin ce."

Ya juya. Tukunyar Awadiyya na tafasa a kan gawayi, ita kuma tana zaune ƙafafunta a miƙe a gefen kanun. Ya tsaya a kanta, ya ɗora takalminsa a bakin kanun ɗin, ya ɗan girgiza shi. Ruwa ya fantsalo kan gawayi ya yi cuu. Wata ta yi salati. Inna Nagoggo ta yunƙura za ta tashi, Indo ta riƙe mata tobe, wato mayafinta. Sittana ta buɗe baki, sunan Fatna ya zo mata har kan harshe, ta haɗiye shi.

Ya sauke ƙafarsa.

"Yau akwai baƙuwa mai rubutu," in ji shi, "kada a ce na yi wani abu. Awadiyya, kwashe kayanki. In na dawo daga azahar na same ki a nan, a lokacin za ki gani da idonki."

Ya tafi da takardun a aljihu. Ba wadda ta yi motsi sai da ya sha kwana.

Awadiyya ta fara tattara kofuna, har biyu suka suɓuce mata suka faɗi. Fatna ce ta fara tasowa taya ta. Ta juye ruwan zafin a kwata, ta kashe gawayin, ta ɗaure gwangwanayen shayi da kirfa a cikin zane, duk ba ta ɗaga kai ba. Da ta zo wucewa ta gefen Sittana ta kama mata hannu ta matse, sannan ta wuce.

Sittana ta durƙusa gaban Awadiyya, ta kira ta Hala, kamar ƙanwar uwarta.

"Hala Awadiyya, zan je ofis yanzu-yanzu. Za mu karɓo kwafin duka, mu cire lambobin. Shugaba za ta yi magana da masu warsha."

"Ku karɓo me? Ya riga ya karanta." Awadiyya ta share hawaye da bakin tobe. "Muryata na cikin kaset ɗinki. Ki kunna masa ya ji, shi ke nan. Minti nawa ne? Ke kaɗai kika san ban faɗa ba."

Fatna na tsaye a bayan Awadiyya riƙe da kanun ɗin, idanunta a kan bakin Sittana.

"Ba zan iya ba, Hala."

Awadiyya ta dube ta tun daga sama har ƙasa. Ta ɗora ƙunshin a kai, ta juya wajen Fatna.

"Allah ya yi miki albarka, 'yar'uwa, ke kaɗai kika tashi. Raka ni bakin titi, ƙafafuna ba sa ɗaukata."