Baƙar Roba

Tun zamanin soja Malam Gwadabe da abokinsa Ashafa suke tsintar roba a Ƙofar Wambai. Farar hula suka dawo, gwamnoni suka zo suka wuce, su dai suna nan a duƙe. Sai da gwiwa ta ƙare sannan aka buɗe kamfanin tantance shara a Sharaɗa, aka kwashe su can.

Gwadabe yana da sirri: yanar ido ta cinye masa gani. Ashafa ne yake raɗa masa launi, fari nan, kore can, da yamma kuma ya ba shi kafaɗa har gida, a unguwar Koki. Ranar da aka gane, aiki ya tafi, ga bakuna tara a gida.

Da aka kafa sabbin injina, Injiniya Zaituna ta zaga da su. Ga wata ƙatuwar rariya tana juyi, ƙasa da murafen kwalba suna zuba ta hudojinta. Gaba kaɗan maganaɗisu a saman bel ɗin da ke jan sharar yana fizge gwangwanayen tumatir da na madara, ya ƙyale na lemo, don alminiyam ne. Na ƙarshe shi ne ya kashe musu jiki. Yana haska roba, ya karanta hasken da ya dawo, ya gane irinta da launinta, sai iska ta yi fit, ta cilla ta inda ya dace. Aikin yininsu guda, kafin ka sha shayi ya gama.

"Mutum ɗaya za mu riƙe a nan," in ji ta. "Injin ba ya ganin baƙar roba, shanye hasken take. Ita muke so a raba mana iri-iri."

Aka zube tsibin baƙa. Ashafa ya ɗaga wannan, ya juya wancan, baƙi dai baƙi ne. Gwadabe kuwa, da ya daɗe da daina dogara da ido, ya lanƙwasa, ya karta da farce, ya ƙwanƙwasa a siminti.

"Wannan jarka ce. Wannan bokiti. Wannan bayan talabijin ne, kada ku narka shi da su, zai ɓata muku zubi."

"Baba, kai za ka zauna," in ji Zaituna.

Bai ji daɗi ba ko kaɗan. Gajiya kawai ya ji, har cikin ƙashi.

Washegari Gwadabe ya hau babur ɗin haya ya zo, ya yini shi kaɗai cikin ƙarar inji. Da aka tashi ya lalubi bango har bakin ƙofa, ya tsaya, titi duk hazo a idonsa. Hannunsa ya miƙe da kansa, don sabo. Sai ya sauka a kan kafaɗa.

"Ashafa? Me kake yi a nan?"

"Me kuwa nake yi a gida? Taho, akwai kwata a gabanka."