Tsatsar da Iska Ta Kawo

Ranar Talata da hantsi Malama ta tsugunna a gonar mahaifinta, ta buɗa alkamar da hannu, ta ga abin da ta yi wata takwas tana cewa ba za a sake gani ba. Ƙuraje ne 'yan dogaye a jikin kara, sun fasa fatarsa sun fito da jan gari. Ta shafa, yatsanta ya yi ja kamar ta taɓa tsohon kwanon rufi. Ta ƙirga biyar, ta matsa gaba ta ƙirga wasu bakwai, daga nan ta daina ƙirgawa. Tsatsa ce, cutar alkama, babu wani kame-kame.

Ita ce malamar gona ta wannan yanki, gonaki arba'in da ɗoriya a bakin hanyar ruwa guda. Mahaifinta kuwa shi ne shugaban ƙungiyar manoman, mutumin da in ya ce a fito gobe, to gobe ake fitowa. Shekara ashirin yana riƙe da su, ba da kuɗi ba, ba da faɗa ba, sai don ba a taɓa kama shi da magana biyu ba.

Bara tsatsa ta yi musu cin kaca. Ta sha abin da ya kamata ya cika ƙwaya, kara ya karye ya kwanta, abin da aka sussuka duk a motse, ko kaji sai sun yi tunani kafin su tsattsaga. Bayan girbi Malama ta zauna ta yi shiri. Ta san tsatsa ba daga ƙasa take fitowa ba, ba kuma a cikin iri take ba. Wata irin fumfuna ce mai shegen tsirfa, ba ta iya rayuwa sai a jikin ɗanyar alkama mai rai. Jan garin nan 'ya'yanta ne, in ba su sami koren ganye ba ba sa daɗewa. To tsakanin girbi da shuka ina take fakewa? A gyauro, alkamar da ta zube ta tsiro da kanta a bakin hanyar ruwa da gefen masussuka. Nan take zama lafiya lau tana jiran sabuwar shuka.

Amma ƙofa biyu tsatsa take da ita, kuma Malama ta san da duka biyun. Ɗaya gyauro, ɗaya iska. Sai dai tun a makaranta aka cusa musu cewa manomi saƙo ɗaya ake ba shi, in ka ba shi biyu ya zubar da duka. Ita ma ta san mutanenta. Ka ce da su ku tuge gyauro amma fa iska ma tana iya kawowa, wallahi ko mutum ɗaya ba zai sunkuya ba. Don haka ta naɗe maganar iska ta ajiye, ta ce musu in aka tuge gyauro kaf tsatsa ba za ta dawo ba.

Baba ya tambaye ta a gida, suna zaune su biyu, ko ta tabbata. Ta ce ta tabbata. Washegari ya miƙe a taro ya ce in ta dawo shi za a tuhuma.

Mako uku aka yi ana tugewa cikin rana. Duk aka bi, ban da mutum ɗaya da ake kira Sarkin Musu, wanda in ka ce masa rana ta fito sai ya leƙa waje tukuna. Yana da gyauro shar a bayan gonarsa, yana yankar wa tumakinsa, ya ce ba mai taɓa masa. Baba da kansa ya je ya tuge shi da hannunsa, a gaban mutane, alhali tare suka yi wasan ƙasa. Tun daga ranar, gaisuwa kawai ke haɗa su.

Yanzu ga Malama tsugunne da jan yatsa. Ta kira ɗakin bincike na ma'aikatarsu. Aka ce ai kuwa, makonni uku da suka wuce tsatsa ta ɓarke a wasu gonaki can nesa, tafiyar kwana biyu a mota, kuma an yi kwana uku iska tana busowa daga wajen. Sauran ta ƙarasa da kanta. Bayan iskar an yi safiya huɗu ana tashi da raɓa sharkaf, kuma abin da ƙwayar tsatsa take nema ke nan, ta sami ganye a jiƙe na 'yan awoyi ta tsira ta shige ciki. Ta kashe wayar ta ja tsaki, ta rasa wa take yi wa.

Ba ta iya gaya wa Baba a gida ba. Kunya ta hana ta. Ta dai ce masa a kira taron gaggawa, ya kira bai tambayi dalili ba, wannan ma ya ƙara mata zafi.

A ɗakin ajiyar ƙungiya aka taru da la'asar, wasu a kan benci, wasu a kan buhunan taki. Malama ta ɗaga karan da ta tsinko, aka miƙa shi hannu zuwa hannu. Ba wanda ya nemi bayani, kowa ya san wannan ja. Ta ce lokaci ya ƙure. Kowane ƙurji ɗaya yana zubar da ƙwayoyi dubbai a kullum, kowace ƙwaya in ta kama, cikin mako guda zuwa kwana goma ta zama sabon ƙurji mai zubar da nata. Gonar da suke gani tas yau, mai yiwuwa abin yana ciki bai fasa ba tukuna. Alkama ta fara fid da kai, yanzu ne take bukatar karan nata. A yi feshi cikin makon nan, kowa da kowa, domin magani tarewa yake yi, ba ya mayar da abin da aka riga aka sha.

Sarkin Musu ya gyara zama. Ba da ihu ya fara ba, da ma ya yi ihun da ya fi sauƙi. Ya tambaya a hankali ko akwai gyauron da aka manta. Ta ce babu. Ya ce to daga ina?

Ta ce iska. Ta ce jan garin nan ya fi ƙurar alli rashin nauyi, da rana ta yi zafi iska take ɗaga shi sama can, ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomita da shi, kuma fatarsa tana jure bushewa, sai ya sauka da ransa a gonar mutumin da bai taɓa jin sunan garin da ya fito ba.

Wani dattijo daga baya ya ce shi dai tun farko ya faɗa, karan bara da ya yi baƙi shi ne ya kamata a ƙone. Malama ta ce a'a, baƙin nan wasu irin 'ya'yan ne da tsatsa take yi in alkama ta tsufa, masu kaurin fata, amma ba sa iya komawa kan alkama kai tsaye. Sai sun bi ta wani ɗan icce mai ƙaya, can suke haɗuwa su haifo sababbin iri, kuma iccen babu shi a yankinsu. Tana faɗa tana jin yadda maganar take daɗa tsawo, mutane suna daɗa nisa da ita. Gaskiya ce tsantsa, amma ta zo a makare.

Sarkin Musu ya ce, "Malama, iskar nan bana aka ƙirƙiro ta, ko bara ma tana nan?"

Aka yi 'yar dariya, irin wadda ba daɗi a cikinta. Ta ce tugewar ba ta tafi a banza ba. Bara tsatsa ta kama alkama tun tana iya gwiwa, bana sai da ta fid da kai, makonni shida ke nan suka ci riba, kuma da su za a iya tsira in an yi feshi. Wannan ma gaskiya ce. Sai dai wa zai saurara? Wani ya ce jiya gyauro, yau iska da icce mai ƙaya, gobe kuma sai a ce wata ne. Wani ya ce in ya fesa, iskar za ta daina busowa ne? Ta ce a'a, wataƙila ma a sake fesawa bayan mako biyu ko uku. Nan fa aka fara kakkaɓe riguna.

Sarkin Musu bai ko kalle ta ba da zai fita. Gaban Baba ya tsaya ya ce, "Shugaba, kai ka ce a tuhume ka. Ni ban tuhume ka ba. Tumakina dai sun gaishe ka."

Da ɗakin ya watse Baba ya tattara bencunan ya jingine su, aikin da ba nasa ba. Malama tana tsaye da karan a hannu, takaici ya cika ta, na manoman da ba sa ji, na iskar da ba a iya kamawa, da nata na kanta wanda ya fi duka.

Ya ce, "Ranar da na tambaye ki, kin san da maganar iskar?"

"Na sani, Baba."

"Da kin gaya mini, da na san yadda zan faɗa musu. Sun fi ki sanin iska."

Ta fara cewa ta ji tsoron kada su ƙi fitowa ne, ya ɗaga hannu ya ce ta rubuto masa sunan maganin da yadda ake haɗawa. Ta rubuta a nan take, har da yawan ruwan da za a zuba a famfon feshi. Ya karɓa ya ninke, ya yi mata godiya. Godiyar ce ta fi ci mata rai, domin Baba bai taɓa yi mata godiya a kan aikin gona ba, sai dai ya ce ta yi daidai ko ta yi shirme.

Kwana biyu ta yi tana bin gonaki a kan babur, gida gida, tana lallashi har muryarta ta dishe. Mutum shida suka ce za su fesa. Wasu suka ce sai sun ga abin da Shugaba ya yi. Ta duba gonar Shugaba, ba a fesa ba, ƙurajen kuwa sun haura zuwa ganyen sama.

Ranar Juma'a da safe ta biya kantin maganin gona don ta ga ko kayan sun iso. Tun daga bakin ƙofa ta hango hularsa. Baba ne zaune a kan benci, ya shimfiɗa takardarta a kan teburin kantin, ga karan alkama a cikin leda. Yana tambayar mai kantin, a natse, ko gaske ne iska tana iya ɗauko wannan abin daga nesa haka, ko gaske ne kuma wannan maganin shi ne daidai, kuma awon bai yi yawa ba.

Mai kantin ya daburce, ya ɗago ya gan ta, ya yi murmushin samun sauƙi. Ya ce, "Ah, Baba, ai ga Malama nan. Mu duk abin da muka sani a kan tsatsa ita ta koya mana."

Baba ya juyo ya dube ta, ba fushi a fuskarsa ko kaɗan. Ya mayar da kansa ga mai kantin, ya tura masa takardar da yatsa.

"Na gan ta," in ji shi. "Kai nake tambaya."